Allon da ya ƙi zama a bango: yadda aka gyara lanƙwasar gilashi da karkatar hange

Aikin dai ƙarami ne. Wani mai shago yana son ganin yadda sabon allon sunan shagonsa zai kasance a bango kafin ya biya a ƙera shi. Allon akwati ne mai tsawon santimita 360, tsayi 90, kauri 5, kuma za a kafa shi a saman taga, a bar tazarar santimita 30 tsakaninsu. An ɗauki hoton bangon da kyamara mai gilashin milimita 16, hoton ya fito fiksel 6000 a kwance, 4000 a tsaye. Mai ɗaukar hoton bai fuskanci bangon kai tsaye ba. Ya ɗan juya dama, kamar digiri 20, don titi ya shigo, ya kuma ɗaga bakin kyamarar kaɗan don saman ginin ya fito. Saboda haka bangon yana kusa ta hagu, yana nisa yana ƙanƙancewa ta dama.

A gwajin farko an ɗora zanen allon a Photoshop, an zaɓi Edit > Transform > Distort, an ja kusurwoyi huɗu da ido har suka yi kama da sun bi bangon. Mai shagon da ya gani sai ya ce allon kamar an manna shi ne a kan gilashin waya, ba a kan bango ba. Bai iya faɗin abin da ya lalace ba, amma idonsa ya gano. Da aka ƙara girman hoton aka duba, kurakurai uku suka fito, kuma kowanne da musabbabinsa daban. Wannan ne ma ya sa ƙara jan kusurwoyi bai yi maganin komai ba.

Layin da ya ƙi haɗuwa

A saman inda allon zai zauna akwai wani ɗaurin siminti da ya ratsa bangon a kwance. Ya kamata bakin allon na sama ya bi wannan ɗauri daga farko har ƙarshe, tazararsu tana raguwa a hankali zuwa dama. Ba haka ya fito ba. In an daidaita kusurwoyin biyu, sai tsakiya ta buɗe da kusan fiksel 10. In an rufe tsakiyar, sai kusurwoyin su kauce.

Laifin ba na hannu ba ne. Gilashi mai faɗin gani yakan kumburo da layuka waje kamar cikin ganga. Layin da ya ratsa ta tsakiyar hoto yana nan a miƙe, amma duk wanda ya yi nesa da tsakiya sai ya lanƙwashe, kuma lanƙwasar tana ƙaruwa sosai yayin da ake kusantar gefe. Ita kuwa Distort, da duk wata dabarar jan kusurwa huɗu, miƙaƙƙen layi take karɓa ta mayar da miƙaƙƙen layi. Ba ta da hanyar lanƙwasa shi. Bakin allo miƙaƙƙe ba zai taɓa bin ɗaurin siminti lanƙwasasshe ba, ko da an kwana ana jan kusurwa. A wannan hoton kuma kusurwar allon ta sama ta hagu ta faɗo kusa da kusurwar hoton, inda lanƙwasar ta fi tsanani.

Gane wannan matsala ba wuya. A buɗe sabuwar leya, a ja miƙaƙƙen layi siriri mai launi mai haske daga wannan ƙarshen ɗaurin zuwa wancan. In tsakiyar ɗaurin ta fita daga layin zuwa wajen hoton, kumburin ganga ne. In ta shigo ciki, kishiyarsa ce, wadda aka fi gani a gilasai masu jawo nesa. Gara a gwada da layi biyu ko uku, domin magini ma yakan karkace: in layi ɗaya ne kawai ya lanƙwashe alhali maƙwabtansa suna miƙe, ginin ne, ba gilashin ba.

Gyaran gilashi shi ne farko, kafin a taɓa komai. An buɗe asalin fayil ɗin a Camera Raw, a sashen Optics aka kunna gyara ta bayanan gilashi, manhajar ta karanta sunan gilashin daga bayanan da ke cikin hoton ta miƙar da layukan. Da aka sake jan layin gwaji, ɗaurin bai kauce da fiye da fiksel ɗaya ba. Wannan ya isa.

Da an aiko da hoton ta manhajar aika saƙo a matsayin hoto, da aikin ya fi haka wahala, domin yawancinsu suna goge bayanan kyamara su kuma rage girman hoton. A irin wannan hali sai dai gyaran hannu, da Remove Distortion a cikin Filter > Lens Correction, ko Main da Edge a cikin Lens Distortion na manhajar GIMP, ana matsawa kaɗan-kaɗan ana duba layin gwaji. Abin da ya fi ɓata gyaran hannu shi ne hoton da aka riga aka yanke. Lissafin gyaran yana ɗauka cewa cibiyar lanƙwasar ita ce tsakiyar hoton. In an yanke gefe ɗaya, cibiyar ta matsa, sai ka ga hagu ya miƙe dama ya ƙara lanƙwashewa. Mafita ita ce a nemi cikakken hoton, in kuma babu, a ƙara faɗin filin aiki ta gefen da aka yanke har tsohuwar tsakiya ta koma tsakiya, sannan a yi gyaran. Akwai kuma gilasan da layinsu ke kumburowa a tsakiya sannan ya juyo a gefe. Maɓalli ɗaya ba ya iya miƙar da irin wannan, sai bayanan gilashin ko maɓallai biyu.

Bayan gilashi sai aka miƙar da layukan tsaye da Upright, zaɓin Guided, aka ja jagora ɗaya a gefen taga, ɗaya a kusurwar ginin. Wannan mataki ba dole ba ne, domin Distort tana iya bin layukan tsaye ko da suna matsewa ta sama. An yi shi ne don hoton ya fi kyau, don kuma lissafin da ke tafe ya yi sauƙi.

Faɗin da ido ba ya iya aunawa

Kuskure na biyu ya fi na farko girma, amma ya fi shi ɓuya. Mai shagon ya auna tagar: santimita 120 a kwance, 120 a tsaye. Allon kuwa 360 ne, wato faɗin taga uku, kuma tagar za ta kasance daidai ƙarƙashin kason tsakiya. A hoton da aka gyara, faɗin tagar fiksel 964 ne. A gwajin farko sai aka bar kusan wannan adadi ta hagu, aka bar irinsa ta dama, aka ce ai an daidaita.

A bango mai karkata, santimita ɗaya ba ta da girma ɗaya a ko'ina. Ta kusa ta fi ta nesa cin fiksel. Da aka yi aikin yadda ya kamata, kason hagu ya ɗauki fiksel 1286, na tsakiya 964, na dama 750 kacal, jimilla 3000. Ke nan allon farko ya gaza da sama da fiksel 300 ta hagu, ya kuma zarce da sama da 200 ta dama. Da mai shagon ya dogara da wancan hoto, da ya zaci allon zai kusa taɓa bututun ruwan da ke dama, alhali akwai fili sosai.

Yadda ake samun wurin gaskiya shi ne a fara da wani abu mai kusurwa huɗu da ke kwance a fuskar bangon, wanda aka san girmansa. A nan tagar ce, amma da sharaɗi. Firam ɗin tagar ya shige ciki da kamar santimita 10, don haka ba ya kan fuskar bangon. Bakin ramin tagar na waje, inda filasta ta karye ta shiga ciki, shi aka bi. Wanda ya bi firam ɗin ƙarfen zai samu allonsa ya ɗan ƙanƙance ya kuma goce gefe.

Daga nan hanyar hannu ita ce ta layukan kusurwa zuwa kusurwa. A tsawaita layin saman taga da na ƙasanta zuwa hagu da dama. A ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, inda suka gitta shi ne ainihin tsakiyar tagar. Tunda an miƙar da layukan tsaye, rabin gefen dama na tagar ana samunsa da awo kai tsaye. Sai a ja layi daga kusurwar sama ta hagu, ya ratsa ta wannan rabin, ya ci gaba har ya taɓa layin ƙasa da aka tsawaita. Inda ya taɓa shi ne ƙarshen wata taga ta biyu mai girma ɗaya da ta farko. A maimaita ta hagu, an samu iyakokin allon biyu. Tsayi ya fi sauƙi, domin a kan layin tsaye guda awo ba ya canzawa: gefen hagu na tagar fiksel 1029 ne a kan santimita 120, to tazarar 30 kashi ɗaya ce cikin huɗu na wannan, tsayin allon kuma kashi uku cikin huɗu. A yi haka a gefen dama na tagar, a haɗa ɗigon, a tsawaita.

Mai son sauri sai ya shiga Filter > Vanishing Point, ya dasa kusurwoyi huɗu a bakin tagar, ya ja gefunan ragar har ta rufe bangon. Ragar takan yi shuɗi in kusurwoyin sun yi daidai, rawaya ko ja in sun saɓa. Shuɗin dai ba shaidar cewa an dace da bangon ba ne, yana nuna kawai cewa siffar tana iya yiwuwa. Shaidar gaskiya ita ce ragar ta bi ɗaurin simintin har can ƙarshensa. Taga ƙarama ce idan aka kwatanta da bangon, kuskuren fiksel biyu a kusurwarta kuma yana ninkuwa yayin da aka tsawaita. Shi ya sa bayan an dasa a taga ake komawa a gyara da layi mafi tsawo da ke hoton. A nan mahaɗar layukan kwance tana wajen hoton ne, kusan fiksel 3700 bayan gefen dama, don haka ba a ganinta sai an faɗaɗa filin aiki.

Ba a manna allon a cikin Vanishing Point ɗin ba, saboda abin da ya fito daga can fiksel ne zalla, in mai shago ya canza lambar waya sai an sake komai. An fitar da ragar a kan leya ta daban, aka mayar da zanen allon Smart Object, sannan aka ja kusurwoyinsa da Distort zuwa wuraren da ragar ta nuna. Ta haka ana iya buɗe zanen a canza rubutu, karkatar tana nan yadda take.

Ga mai aiki da ImageMagick, manhajar da ke sarrafa hoto ta rubutaccen umarni, lissafin ma ba ya buƙatar raga. Zanen allon fiksel 3600 ne a kan 900, wato fiksel 10 ga kowace santimita. A wannan ma'auni kusurwoyin tagar suna ƙasa da zanen, kuma ba laifi su faɗo wajensa. Sai a haɗa kowace da inda take a hoto:

```
magick zane.png -alpha set -virtual-pixel transparent \
  -define distort:viewport=6000x4000+0+0 \
  -distort Perspective "1200,1200 1976,1800  2400,1200 2940,1875 \
  2400,2400 2940,2775  1200,2400 1976,2829" allo.png
```

Allon ya fito da gefen hagu mai tsayin fiksel 900, na dama 600.

Waɗannan lambobi biyu suna ba da gwaji mai sauƙi. Tsakiyar allon tana raba faɗinsa ne bisa rabon 900 da 600, wato kashi 60 cikin ɗari daga gefen kusa. Tambarin da ke tsakiyar zanen dole ya faɗo a fiksel 1800 daga gefen hagu na allon, ba 1500 ba. Duk wanda ya yi amfani da Warp don tilasta allon bin bango zai faɗi wannan gwaji: gefunan za su dace, amma haruffan nesa za su fito da faɗi ɗaya da na kusa, rubutun ya zama kamar an miƙe shi ta dama. Jan gefe da Skew ma bai wadatar ba, domin yana barin layuka masu tafiya tare su ci gaba da tafiya tare, ba sa matsewa.

Gefen da bai kamata a gani ba

Kuskure na uku a kaurin akwatin yake. A gwajin farko an zana gefen hagu na allon, bisa tunanin cewa tunda shi ne na kusa, shi za a gani. Tunanin yana da ma'ana amma bai dace da wannan hoto ba, kuma tagar ce ta fallasa shi. A hoton, cikin ramin tagar na dama yana bayyane sosai, na hagu kuwa ya kusa ɓacewa ya zama zare. Wannan yana nuna cewa mai ɗaukar hoton yana tsaye ne daura da gefen hagu na tagar, kyamarar kawai ya juya. Allon ya zarce wannan wuri da santimita 120 ta hagu, ya zarce shi da 240 ta dama. Mutumin da ke tsaye tsakanin ƙarshen akwati biyu ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu. Abin da yake gani shi ne fuska da kuma ƙasan akwatin, tunda allon yana sama da idonsa.

Duk layin da ya fito daga bango kai tsaye, kamar kaurin akwati ko zurfin taga, yana nuni zuwa ɗigo guda a hoto. A nan ɗigon yana kan layin tsayin ido, dab da gefen hagu na tagar, kuma ana samunsa ta tsawaita layukan zurfin tagar har su haɗu. Siffar da aka samu a matakin baya ita ce bayan akwatin, inda ya taɓa bango. Fuskarsa ta matso gaba da santimita 5, don haka kowace kusurwa tana matsawa kaɗan nesa da wancan ɗigo. An kwafi leyar, an tura kusurwoyin a kan waɗannan layuka, ratar da ta buɗe a ƙasa aka cike ta da launin firam mai duhu. Ratar ta kai kamar fiksel 17 ta hagu, ta sirance zuwa kamar 8 ta dama. Abu ne ɗan ƙarami, amma shi ya raba allo da takardar da aka liƙa.

Inuwa ma haka take. Drop Shadow tana ajiye inuwa mai nisa ɗaya ko'ina, ba ruwanta da kusa ko nesa. An kwafi siffar allon aka cika ta da baƙi, aka sa ta a Multiply, aka tura ta gefen da inuwar ɗaurin siminti ta faɗa, ta kusa ta fi ta nesa faɗi. Laushin bakinta daga inuwar ɗaurin aka kwaikwaya, ba daga son rai ba. Daga ƙarshe aka ɗan dusashe kaifin zanen da Gaussian Blur ƙasa da fiksel ɗaya, aka ƙara masa ɗan tsakin hoto da Add Noise har ya yi daidai da na bangon, domin zane daga kwamfuta ya fi duk abin da kyamara ta ɗauka tsafta.

Abin da aka bari yadda yake

Da mai shagon ya ga sabon hoton, ƙorafinsa ɗaya ne: wani ɗan da'ira da ke kusurwar hagu ta allon ya fito kamar ƙwai. Wannan ba lanƙwasar gilashi ba ce, an riga an cire ta. Haka duk gilashi mai faɗin gani yake miƙe abin da ke kusa da kusurwar hoto, kuma fitilar bango mai zagaye da ke wannan yanki ta miƙe daidai haka. Da an matse da'irar ta koma zagaye, da ita kaɗai za ta saɓa wa duk abin da ke kewaye da ita. An bar ta, aka kuma tura masa zanen a miƙe don ya ga ainihin siffar. In ana son kauce wa wannan tun farko, sai a ja baya a ɗauki hoton da gilashin milimita 35 ko 50, a bar wurin allon ya faɗo kusa da tsakiya, a kuma liƙa salatif huɗu a bangon daidai inda kusurwoyin allon za su zauna. Da waɗannan alamu huɗu, duk aikin tsawaita layukan taga ya zama ba a buƙatarsa.

A wannan aiki an miƙa hoton da aka gyara ne, don ba wanda ya damu da asalin. Wani lokaci ba a yarda a taɓa hoton ba, misali in za a jera shi da na kafin aiki. A nan tsarin bai canza ba, mataki ɗaya ne ya ƙaru. A miƙar da kwafi ba tare da an bari manhajar ta yanke gefuna ba, a tsallake Upright, a gina allon da kaurinsa da inuwarsa a kan kwafin, sannan a mayar wa leyoyin allon kaɗai lanƙwasar, a kan fili mai girman hoton duka don cibiyar ta zauna inda take. Juya lambar gyaran daga ƙari zuwa ragi ba ya mayar da hoto daidai yadda yake, kusa kawai yake kawowa. Don haka a fara gwada lambar a kan kwafin bangon, a ɗora shi a kan asali da Difference, a daidaita lamba da girma har layukan da ke kewaye da wurin allon su yi baƙi, sannan a sa wa allon wannan lambar.

Bangon wannan shago a tsaye yake, kallon ne ya karkata. In bangon da kansa ne ya kishingiɗa, kamar na ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, layukansa masu hawa sama suna da mahaɗa tasu daban da ta ƙofa ko turken fitila. Ba a aron layin tsaye daga ƙofa a irin wannan bango, duk layuka huɗun daga jikinsa ake ɗauko su, kuma ba a dasa jagorar Upright a kansa. Firam ɗin da aka rataye da igiya a ƙusa ɗaya shi ma ba ya kwanciya a bango: ƙasansa yana taɓawa, samansa yana rinjayowa gaba. Kusurwoyinsa biyu na ƙasa ne kaɗai ke kan ragar bangon, na sama sai an tura su waje a kan layukan kauri, inuwarsa kuma ta fi faɗi ta sama.